Ranar da Goggo ta zo cin turarena

Ni dai turaren wuta na iya, da humra. A ɗakina na Gusau nake haɗawa, autata kuma ita ke ɗaukar hoto tana sawa a shafin da ta buɗe mana a waya. Wata shekara ana gab da azumi ta ce mu yi kyauta a shafin, ko mutane su ƙara saninmu. Na ce to, rubuta: ina gaida kowa da kowa, ga turare nan, mai rabo ya ɗauka.

"Mama, mai rabo ta yaya? Gobe sai a ce a gida muka raba."

Nan ta kama ni, don na sha jin irin wannan gulmar a gidan biki. Muka zauna tana rubutawa tana karanta mini, abin da bai kwanta mini a kunne ba in ce a sake. Ga abin da ya fita:

"Kyautar azumi: kwalba uku ta turaren wuta da humra ɗaya, ga mutum ɗaya. Yadda za a shiga: ki bi shafinmu, ki rubuta sunan garinki a ƙarƙashin wannan hoton, ki yi tagin ƙawayenki biyu. Suna ɗaya, shiga ɗaya. Za mu rufe ranar Alhamis ɗin nan da ƙarfe shida na yamma. Ranar Juma'a da ƙarfe biyar za mu zuba sunayen waɗanda suka cika sharaɗi a ƙwarya, a zaro ɗaya a bidiyo kai tsaye. Daga wannan shafin kaɗai za mu tuntuɓi wadda ta ci, kuma ba a biyan ko sisi."

Aka yi ta shiga, daga Tsafe, daga Wanke, har da inda ban taɓa zuwa ba. Alhamis da shida yarinya ta rufe.

Juma'a da hantsi sai ga sallama. Goggona ce, ƙanwar mahaifina, tun daga Bungudu, da tsofaffi biyu a bayanta. Surukarta ce ta karanta mata sanarwar. Bayan an sha ruwa an gaisa, an tambayi na gida har da awaki, ta gyara zama.

"Ɗiyar nan, na ji an ce a kawo ƙawaye biyu. Ga su nan, da ƙafarsu. Wasu rubutu sunka yi, ni mota na hau. Sa sunana."

Autata ta ce, "Tsohuwa, an rufe tun jiya."

"Ke, da ke nike magana? Rufe mi? Ni da na yi wa uwarki wankan jego!"

Tun da nake ban taɓa ce wa Goggo a'a ba. In kuma na sa sunanta, ƙwarya ta yi rashin kunya ta fito da shi, wa zai ƙara yarda da ni? Matan da suka shiga sun san wace ce ita a wurina. Na tashi na shiga kicin kamar zan duba miya, alhali ko wuta ban hura ba.

Ina tsaye sai na tuna mun ce za a zaro, amma ba mu ce wa zai zaro ba. Na dawo na durƙusa.

"Goggo, suna dai ba zai shiga ba, na riga na yi wa mutane alkawari. Amma ina neman hannun da ba wanda zai zarga. Nawa za a ce na leƙa, na yarinyar nan za a ce ta san ƙawayenta. Ke ce babba."

Ɗaya daga cikin ƙawayen ta ce, "Hajiya, alƙalanci fa anka ba ki."

Goggo ta ce, "Mutane nawa za su gan ni?"

Autata ta ce da yawa.

"To, ara mini mayafinki mai duwatsu."

Biyar na yi aka kunna bidiyo. Goggo ta zauna a tsakiyar tabarma, ƙawa dama, ƙawa hagu. Maimakon ta zaro, sai ta fara gaisuwa. Ta gaida mutanen Bungudu, ta gaida na Nahuce, ta aika wa surukarta saƙon a ɗaure tunkiya kafin magariba. Autata tana karanto mana abin da masu kallo ke rubutawa, duk dariya ce da "Allah ya ja kwana, Kaka". Da ƙyar ta yi bisimilla, ta kau da kai, ta juya takardun nan kamar mai dama fura, ta zaro ɗaya ta ɗaga sama a juye. Yarinya ta karɓa ta nuna wa waya: wata baiwar Allah ce daga Tsafe, ba wanda ya san ta a cikinmu.

Goggo ta matso da fuskarta dab da wayar ta ce, "Ke ta Tsafe, hannuna ne ya ba ki. In wani ya ce an yi maguɗi, ya same ni Bungudu."

Da aka kashe ta juyo gare ni. "Baɗi in za ku yi, ki aiko tun da wuri. Kuma kada ki yarda ki sa sunan dangi, ɗiyar nan, mutane ba su da dama."