Gorar Rubutun Baba

Har yau in na ga safar hannu ta roba sai zuciyata ta tashi.

Baba na kwance a asibiti a Legas, ni kuma zan bi jirgin safe daga Abuja in je jinya. Inna ta taso takanas daga Mararaba ta kawo mini gorar rubutu in kai masa, ayoyin da malaminsu ya rubuta a allo ya wanke.

"Kada ki sa a akwatin da ake jifa da shi," in ji ta. "Riƙe a jikinki."

Na kuwa riƙe. Akwatina ya wuce, gora na jakar hannu.

A wurin bincike na nuna takardar shiga jirgi. Aka turo mini faranti mai maiƙo, na zuba waya, agogo da awarwaro. Kwamfuta farantinta daban. Aka ce a cire takalmi, na taka daɓen da ƙafar kowa ta jiƙa da gumi. Na shiga na'urar duba jiki, na ɗaga hannuwa sama kamar wadda aka kama da kayan sata. Ta nuna wani abu a wuyana, ashe fil ɗin mayafi ne.

Wata ma'aikaciya ta ja ni gefe. Ina kallo ta gama laluben hammatar matar da ke gabana, ba ta sauya safar hannu ba ta bi wuyana, ƙuguna, har ƙasan zanena. Da safar nan dai ta zuge jakata, wadda na'urar haska kaya ta ware, ta zaro gorar, ta buɗe, ta shinshina. Yatsanta har cikin bakin gorar. Kai, ƙazanta!

"Hajiya, wannan ya wuce hundred mil. Ba zai shiga ba," ta ce da Hausarta ta Abuja, wai ruwan ya haura mililita ɗarin da aka yarda a shiga jirgi da shi.

"Magani ne."

"Akwai takardan likita?"

Wane likita ne zai sa hannu a kan rubutu?

"To ka koma counter, ko ka sha, ko ka jefa a can."

Komawa wurin ba da akwati ba ta taso ba, an fara kiran jirginmu. Na leƙa kwandon da ta nuna: ragowar lemo, tsumman goge majina, har da ƙunzugun jariri. Nan zan jefa ayoyin Allah? Dokarta gaskiya ce, na sani, amma a lokacin ji na yi na tsani kowa a wurin.

Na yi bismilla, na rufe ido, na kafa kai. Ɗacin tawada da warin roba suka cika mini baki. Ina yunƙurin amai ina haɗiyewa har ta ƙare. Gorar da ba komai ciki, ita an yarda ta wuce.

Da na shiga ɗakin Baba, ko gaisuwa bai bari na gama ba.

"Ina saƙon uwarki?"

Na miƙa masa. Ya girgiza ta a kusa da kunnensa, ya dube ni. Sannan ya buɗe murfin, ya ɗaga ta bisa harshensa yana jira.