Lahadin da Katin Fo Mawuko Ya Gaza

Ranar da na yi wa Fo Mawuko karatun da ya jawo duk wannan abu, tabarau na bisa kaina ina nemansa a aljihu. Sai da mai sayar da koliko, wato soyayyar doya, ta nuna mini da tsinkenta, duk layinmu na kasuwar Dekon a Lome ya kwashe da dariya. Na sauke shi kan hanci, na gyara zama gaban kwamfutarsa kamar likitan da aka ɗauko daga Turai, na buga dxdiag, wato ɗan shafin da ke faɗa maka abin da ke cikin inji. A ƙasan shafin farko aka rubuta DirectX 12. Sabon wasan ƙwallon da Fo Mawuko yake so ya saka kuwa DirectX 12 yake nema. Na buga tebur na ce idan wasan nan bai tashi ba, in zo kasuwa ranar Litinin da zanen matata. Mutum shida suka ji. Har yau ba wanda ya tuna mini da zancen zanen, kuma da sun tuna da ya fi mini sauƙi.

Ni Dodji ne, ina sayar da caja da rigar waya a rumfar da ke manne da tasa, shekara goma sha huɗu ke nan. A wurinmu Fo muke sa wa babban namiji a gaban suna don girmamawa, Da kuma babbar mace. Shi kuwa Fo Mawuko tun ina makarantar firamare yake gyara. Da rediyo ya fara a unguwar Be, ya koma keken rubutu na ofisoshin tashar jiragen ruwa, da aka daina keken rubutu ya koyi cikin kwamfuta da kansa, da ƙarfen dalma da ƙusar warware noti. Ba ya yarda abu ya mutu. Ka kawo masa allon cikin inji da ruwan Lome ya ci, zai shinshina shi, ya juya shi, ya ce ka dawo jibi. Amma abin da ya shafi rubuce-rubucen kan allo ba ya so, idonsa ya yi rauni, kuma ya ɗauka ni na iya saboda bakina ba ya tsayawa.

Ɗa ɗaya gare shi, Elom. A bayan rumfar akwai wata kwamfuta da ba ta sayarwa ba ce, su biyu suka haɗa ta lokacin Elom yana da shekara sha bakwai. Katin hotonta, GTX 760 na hannu, Da Essivi ce ta saya, matar Fo Mawuko, da ribar atamfar da take sayarwa a kasuwar Asigame, don ta gaji da jin su suna maganarsa a kan tuwon akume. Daga baya Elom ya tafi Gabon aikin lantarki a jiragen mai. Da Essivi ta rasu yana tsakiyar teku. Aka jinkirta jana'iza mako shida ana jiransa, kamfanin bai sake shi ba. Da ya kira washegarin binnewa, ina tsaye a wurin, Fo Mawuko ya ce masa wanda bai binne uwarsa ba kada ya ƙara kiran lambar nan. Ya kashe wayar, ya goge lambar, ya koma kan rediyon da yake gyarawa.

Shekara biyu shiru. Sai wata Lahadi da yamma, yana share ƙurar tsohuwar kwamfutar, ya kunna ta don fanka ta motsa, sai ga gayyata ta faɗo a kusurwar allo daga sunan da Elom yake wasa da shi tun yana yaro. Ba gaisuwa, ba komai, gayyatar wasan ƙwallo kawai. Ya daɗe yana kallonta. Ya karɓa. Elom ya zura masa ƙwallo bakwai.

Tun daga nan, kowace Lahadi ƙarfe huɗu, bayan coci da abinci, Fo Mawuko zai buɗe rumfa shi kaɗai a layin, ya ja ƙofa rabi, su buga wasa uku. Ni nakan zo da koliko da yaji in zauna a kan bokiti ina sharhi ba a tambaye ni ba. Shekarar farko ba sa magana. Ta biyu Elom ya fara sa lasifikar kunne, aka fara zagin ƙwallo. Yakan ce Papa mai tsaron gidanka ya je cin ayimolu ne, shinkafa da wake? Uban ya ce jira ka gani, ɗan banza. Ba su taɓa ambaton Da Essivi ba, ba su taɓa kiran juna a waya ba. Duk abin da ya rage tsakaninsu a cikin minti arba'in ɗin nan yake.

Sai kamfanin wasan ya sanar zai rufe layin tsohon a ƙarshen wata, duk mai son buga wa wani daga nesa sai ya koma sabo. Elom ya saya wa ubansa sabon, ya aiko, ya rubuta cewa a duba ko katin zai ɗauka, in ba zai ɗauka ba akwai abokinsa da zai zo Lome cikin mako, zai ba shi wani katin ya kawo. Ranar ce na sauke tabarau na yi rantsuwa da zane. Fo Mawuko ya ji daɗi har ya saya mini lemo. Ya rubuta wa ɗansa da yatsa ɗaya cewa katin mamanka bai tsufa ba, ka riƙe kuɗinka.

Lahadin ƙarshe a tsohon wasan, bayan sun gama na uku, Elom bai fita ba. Na ji muryarsa tana fitowa siririya daga lasifikar.

"Papa, ina so in zo a Disamba in ga inda aka sa Mama. Kada ka ba ni amsa yanzu. Idan na gan ka a filin wasa Lahadi mai zuwa, na san amsar."

Fo Mawuko ya kashe injin kamar kullum. Amma a makon nan ya sa aka yi wa ɗakin Elom fenti, ya je maƙabarta da fartanya.

Sabon wasan kuwa ƙato ne, layin intanet ɗinmu kun san halinsa. Sai Lahadi wajen ƙarfe uku da rabi ya gama sauka. Fo Mawuko ya sa farar rigarsa ta coci, bai cire ba. Ya danna. Allo ya yi baƙi, ya dawo, wani ɗan akwati ya fito yana cewa katin hoton nan bai kai matakin 12_0 da wasan yake bukata ba. Na ce ƙaramin abu ne, direba ne ya tsufa, wato manhajar da ke tuƙa katin. Muka sauke direban ƙarshe da aka yi wa katin. Akwatin ya dawo. Ƙarfe huɗu daidai sunan Elom ya yi kore, alamar ya hau layi, gayyata ta faɗo.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, wurin aika saƙo yana aiki ko wasan bai buɗe ba. Kuma Elom yana ganin sunan ubansa kore, yana nan a zaune. Na ce Fo, rubuta masa, ka ce inji ne ya ƙi. Ya ce in ba shi minti goma. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana ce wa mutane dawo jibi, kuma ya ce wa ɗansa ya riƙe kuɗinsa, ba zai iya rubuta cewa ya kasa ba. Ya sake kunna injin. Ya goge direban ya sake sakawa. Gayyata ta biyu ta zo, ta gaji ta ɓace. Ya cire murfin injin yana hura fanka, yana danna katin da babban yatsa, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa kamar yana lallashin akuya mai naƙuda.

Na fita waje na kira Da Kekeli, wadda ke sayar da kayan cikin kwamfuta a layi na biyu. Tana garin Kpalime wajen bikin suna, ana kiɗa a bayanta. Ta tambaye ni wane kati ne, na faɗa mata, ta tambaya wane jaki ne ya ce zai ɗauka. Na ce wani ne. Ta sa na koma na buɗe dxdiag, amma in wuce shafin farko zuwa na allo, in karanta mata layin matakai. Na karanta: 11_0, 10_1, 10_0, haka har ƙasa. Babu sha biyu.

"Dodji, shafin farko Windows ne yake gaya maka abin da shi ya iya. Wannan layin ne na katin. Yana jin maganar DirectX 12, amma ayyukan da wasan yake so a yi masa ba a gina su a jikinsa ba. Ba direban da zai ƙara masa, ba dalmar da za ta liƙa. Ku jira gobe, ina da kati 1650 na hannu."

Na shiga na faɗa masa. Ya saurara har ƙarshe, ya tambaya ko dai a canza masa man da ke ƙarƙashin fanka. Gayyata ta uku ta zo ƙarfe biyar da kwata. Ya ɗora yatsu a kan madannai, ya rubuta Elom, ya tsaya yana neman kalmar da za ta biyo. Kafin ya samo ta saƙo ya shigo: Ba komai Papa, na gane. Sunan ya koma toka-toka, ya sauka daga layi.

Litinin da safe Da Kekeli ta kawo katin da kanta, ba ta ko kalle ni ba. Minti ashirin aka gama, wasan ya buɗe, ciyawa kore shar kamar ka taɓa. Fo Mawuko ya rubuta wa ɗansa saƙo mafi tsawo da na taɓa ganin ya rubuta, layi huɗu, da lambar katin da matakin da komai, a ƙarshe ya ce an yi wa ɗakin fenti. Tsohon katin ya goge shi da burushi, ya naɗe shi cikin wani ƙyallen atamfar Da Essivi, ya sa a aljihun tebur.

Lahadi biyar ke nan sunan bai yi kore ba. Wataƙila yana teku, a can sukan yi wata biyu ba layi. Wataƙila kuma ba ya teku. Lambar da aka goge ba wanda ya riƙe ta, ƙanwar Da Essivi da muka je wurinta a unguwar Tokoin tsohuwar lamba ce da ita, ba ta shiga. Disamba saura mako bakwai. Fo Mawuko yana nan yana gyara wa mutane kayansu, sai dai na lura ya fara ce wa wasu wannan ya mutu, je ka sayi wani.

Jiya Lahadi na zo da koliko kamar kullum. Yana zaune da farar riga, hannun wasan a cinyarsa, huɗu saura minti biyar. Shirun ya yi mini nauyi, bakina kuma kun san shi. Na leƙa allon na ce Fo, yau zai zo, jikina ya ba ni, na tabbata.

Bai juyo ba.

"Ka tabbata? To yau ma babu ke nan. Ci doyarka, Dodji, ka daina duba mini abu."