Gindin Tukunyar Inna

A shekarar da aka ce mun zama 'yan Jihar Kebbi Inna ta fara yarda in ɗora babbar tukunyarta ta dalma. Mahaifiyarta ce ta bar mata ita, daga Maiyama aka kawo ta Jega bayan rasuwa. Tana da wani ɗan lotso a kunne ɗaya, gindinta kuma ya yi siriri don tsufa. Ina aji shida, ba na iya magana a gaban mutane, amma a gaban murhu Inna ta ce hankalina ya isa. Ban taɓa samun abin da ya kai wannan ba.

Hutun nan taubashiyata, ɗiyar gwaggo, ta zo daga Aliero. Ta girme ni da shekara biyu, tabarma ɗaya muke kwana, kurma take kirana don tsokana. Ina son ta ƙwarai, don ita ke yi mini magana in an aike mu.

Wata hantsi Inna ta tafi barka, ta bar ni da shinkafa da waken masu aikin gona. Na ce wa taubashiyata ta ja itace baya in ruwa ya tsotse, na tafi rijiya. Tun daga zaure na ji ƙauri. Taubashiyata tana bakin katanga tana hira da 'yan matan maƙwabta. Muka kwashe na sama mai kyau muka aika gona, ƙasan kuwa ya kama, baƙi ƙirin, kaurinsa ya kai yatsa.

Na san yadda Inna ke yi. A bari tukunya ta huce, a zuba ruwa ya rufe ƙonuwar, a mayar kan wuta ya tafasa a hankali. Sai a tura da muciya ko sakaina, yana ɓamɓarowa. Abin da ya rage a bi shi da toka da soso, a ɗauraye nan take. Ba a sa wuƙa. Na zuba ruwan, na tafi neman ƙirare.

Da na dawo, tukunyar tana ƙasa tana tafasa ba wuta. Kumfa mai launin toka na tasowa, wani tururi yana shaƙe maƙogwaro. Taubashiyata na juyawa da kara.

"Mi kika zuba?"

"Sodar sabulun Inna. Ke kurma, wanga jiƙo naki sai la'asar. Duba yadda shika cinyewa."

Yana cinyewa kam, har da tukunyar. Sodar yin sabulu dalma take ci, Inna ta sha faɗa, shi ya sa a robar fenti take kwaɓa ta. Na kifar da ruwan, na sa hannu biyu ina kwashe ɓarɓashin da bai narke ba, ina ɗauraya. Yatsuna suka yi santsi, daga baya suka ɗau zafi. Cikin tukunyar ya dishe, ya yi ƙananan ramuka kamar zanzana. Na ɗaga ta sama, sai na ga rana ta wata 'yar huda a tsakiya.

"In Inna ta zo, tare za mu faɗa," in ji ta. Har ta riƙe mini buta ina wanke hannu.

Inna ta dawo bayan azahar. Ta juya tukunyar, ta shafa cikin da tafin hannu.

"Wa ya taɓa mini soda?"

Na buɗe baki, maganar ta tsaya kamar kullum. Na dubi taubashiyata, don ita ke yi mini magana.

"Inna, ki dubi hannunta," ta ce a hankali, kanta a ƙasa. "Na hana ta wallahi."

Inna ta kama yatsuna. Sun yi ja, fatar ta fara saɓulewa. Na taubashiyata lafiya lau, da lallenta. Inna ba ta doke ni ba. Ta wanke mini su da ruwa mai yawa, ta shafa man shanu, tana kallon wani wuri.

"Na ɗauka kin girma," ta ce. "Koma wanke kwanoni."

Washegari taubashiyata aka ba girki, a tukunyar aro. Ta kawo mini tuwo da kanta, ta zauna kusa da ni tana cewa ai ita baƙuwa ce, da gwaggo ta ji sai ta karya ta, ni kuwa 'yar gida ce, zai wuce. Na ci da cokali don hannun.

Tukunyar ta koma bayan rumbu, ana zuba wa kaji dusa. Kowace safiya ni ke zubawa. Sai da na shiga aji uku na sakandare Inna ta sake cewa in ɗora sanwa, kuma ranar ta ɗauko kujera ta zauna a bakin murhu har na sauke.