Ƙungiyar Ƙanena a Cikin Waya

Da ƙanena ya rasu a hatsarin motar albasa, wayarsa ce ta faɗo hannuna, don tawa ta riga ta mutu. Shekara uku yana buga wani gem na ƙwallo a cikinta, ni kuwa shekara uku ina yi masa tsiya. Ƙato da gemu, a ce kana dangwalar gilashi ana ban-ruwa a fadama. Shi dai dariya yake yi.

Bayan sadakar arba'in na buɗe gem ɗin. Ashe ƙungiya ya gina, ya sa mata sunan Gehuru, ƙauyenmu, ya canza sunayen 'yan wasan ya sa na mutanen gidanmu. Marigayi babanmu ne kyaftin. Ni ya ajiye a raga, wataƙila don ba na barin komai ya wuce ban yi magana ba. Ban iya bugawa ba. Nakan buɗe ne kawai in karanta sunayen, in rufe. A nan kaɗai muke cikakku.

Wata ranar kasuwar Aliero wani mai saye daga kudu ya matsa sai ya ga bidiyon buhunan albasata kafin a yi lodi. Na ɗaga waya, ta ce ba wuri. Na goge hotuna biyar, ta ce ba wuri. Rana ta take, direba na ta danna hon, raina ya ɓaci. Na shiga inda take jera kaya, sai ga gem can a sama, shi kaɗai ya haɗiye giga huɗu. Na san a Jega aka tura masa shi, a shagon wani mai turi, irin masu zuba wa mutane finafinai da karatu a waya. Na ce abin da aka tura ai ana sake turawa. Na goge, na ɗauki bidiyona, aka yi lodi.

Washegari na je shagon. Mai turin sa'ana ne, ya san ƙanena sarai. Cikin minti goma ya mayar da gem ɗin. Na buɗe, na duba, ba Gehuru.

"Ina ƙungiyar?" na ce.

Ya karɓi wayar ya daɗe yana dube-dube. "Malam, kai ka goge shi da hannunka?"

"Awo. Ba ka mayar ba?"

"Gem na mayar. Wasan marigayi daban ne."

Ya yi mini bayani a hankali, kamar mai gaisuwar mutuwa. Giga huɗun nan, in ji shi, fuskokin 'yan wasa ne da riguna da ciyawar fili, an zana su dalla-dalla don kada su dushe a manyan wayoyi. Ga ihun 'yan kallo, ga muryar mai sharhi cikin harsunan da ba ma ji, kuma duk sabuntawa sai ta ƙara kaya. Duk wannan iri ɗaya ne a wayar kowa, yana da shi a kwamfutarsa. Abin da ƙanena ya gina kuwa ɗan mitsitsi ne, da ƙyar ya kai nauyin hoto biyu, amma a cikin gem ɗin yake zaune, in an goge tare suke tafiya.

"Ba ya ajiye a intanet?" na ce, don na taɓa jin ana faɗa.

"Sai in an haɗa shi da akawun. Wanga na turi ne, ba a haɗa ba."

Na fara yi masa faɗa, wai me ya sa bai gargaɗi mutane ba. Ya bar ni na gama, sannan ya nuna mini abin da ke cikin wayar. Finafinai shida, wa'azin da aka turo sau uku-uku, bidiyon guruf na 'yan kasuwa da ban taɓa kallo ba. Giga tara.

"Waɗanga ake fara gogewa," ya ce. "Abin da ka iya samowa gobe, goge. Hotunan gida a kwashe su a zuba a memori. Abin da mutum ya yi da hannunai, ba a taɓa shi sai an tambaya."

Wallahi da ya zage ni ya fi mini sauƙi. Shara na bari, na zubar da hatsi. Na tambaye shi ko a Birnin Kebbi ko Sakkwato akwai mai iya tonowa. Ya ce kada in wahalar da kaina, amma na wahalar. Mutum uku na kai wa, har wani a Maiyama da aka ce gwani ne. Duk maganarsu ɗaya.

Baƙin cikin bai sake ni ba har yau. Na yi ƙoƙarin sake ginawa. Na rubuta Gehuru, na sa babanmu, na sa kaina. Daga nan na tsaya, don na kasa tuna lambar rigar da ƙanena ya ba kansa a ƙungiyar, kuma ba wanda zan tambaya.