Suweiba Mai Sa wa Hoto Hannun Riga

Duk matar da ta taɓa aika hoto gida daga Peckham, unguwarmu a nan ƙasar Turawa, ta san Suweiba. Shagonta wani ɗan lungu ne a titin Rye Lane, tsakanin mai kifi da masu kitso. Kwamfuta ɗaya, fitila biyu. Sana'arta suturta hotuna. Ki kawo mata hotonki da riga marar hannu, ta mayar miki da shi hannu har wuyan hannu, ga ɗankwali daram, ki rantse haka kika fita. Rabin kamun kan da kakanni ke yabawa a Katsina, a shagon nan aka ɗinka shi.

Da can malama ce a Islamiyyar Asabar. Shekara shida ke nan da Hajiya Hamdatu, shugabar ƙungiyarmu ta mata, ta tsinto wani tsohon hotonta na makaranta, kafaɗu a waje, ta watsa a guruf ɗinmu tana tambaya ko wannan ce mai koya wa 'ya'yanmu tarbiyya. Sati bai zagayo ba aka sallame ta. Suweiba ba ta sake taka taronmu ba, kuma duk wannan tsawon lokaci abu ɗaya take jira: bakin da ya ɓata ta ya wanke ta.

Bana Fauziyya, autar Hajiya, ta gama karatun likita. Hoto ɗaya ne ya yi kyau, tana riƙe da ƙugu, rana na shigowa ta tagar hagu, riga kuwa ko ɗigon hannu babu. Kakanta na jiran hoton, za a kuma kafa shi a walima ranar Lahadi. Yarinya tana aiki a Manchester, ta ce ba za ta sake tsayawa ba. Hajiya ta gwada manhajar waya, ta fito mata da wata baƙuwar fuska da yatsu shida.

Ina shagon ina shan shayi Hajiya ta shigo, murya ƙasa-ƙasa.

"Suweiba 'yata, an wuni lafiya?"

"Lafiya lau, Hajiya. Kin yi booking?"

Suweiba ta duba hoton ta girgiza kai. Ta ce hannun da ya lanƙwashe haka, in aka zana masa riga da ka, yaro ma sai ya gane. Sai an sami mutum ya sa riga mai dogon hannu ya yi tsayuwar sak, a haska shi daga hagu kamar yadda taga ta yi, a ɗauka, a yanko hannun a ɗora. Ta haka tattarewar gwiwar hannu da inuwar hammata za su zauna daidai. Ɗankwali ma haka, dole inuwarsa ta faɗa dama a goshi.

"To wa zai tsaya?"

"Ke mana, Hajiya. Ni ina riƙe da kyamara."

Gaskiya ta faɗa game da aikin. Abin da ba ta faɗa ba, akwai labule a shagon. Ba ta ja shi ba.

Hajiya Hamdatu, mai jikoki bakwai, ta tsaya gaban gilashin da ke kallon titi ta kama ƙugu.

"Karkato kafaɗa. Ɗaga haɓa. A'a, yanga za ki yi, Hajiya, kamar 'yar shekara ashirin da huɗu."

Masu kitso suka fito da matajinsu. Mai kifi ya leƙo. Na ce, "Hamdatu, da Alhaji ya ga wannan tsayuwar da ya ƙara sadaki." Ta harare ni, Suweiba ta ce harara ta motsa kafaɗa, a sake.

Kashegari muka dawo. Suweiba ta rage kaurin damtsen ya dace da na yarinya, ta daidaita launin da na rigar, ta rufe gashi da wuya, fuska ko gezau. Har hoton Fauziyya da ya fito a gilashin tagar baya sai da ta sa wa hannu. Hajiya ta miƙo waya a tura mata.

"Tukuna," in ji Suweiba. "Guruf ɗin nan yana nan?"

"Haba 'yata, abin da ya wuce..."

"Bai wuce ba. Ba zan nuna wa kowa asalin hoton Fauziyya ba, ba halina ba ne. Amma wannan ba zai bar kwamfutata ba sai kin faɗa musu da bakinki."

Hajiya ta dubi hoton, ta dube ni. Na ci gaba da kurɓar shayina. Ta danna wayar tana ɗaukar murya, ta ce ta zalunci Malama Suweiba, tana neman yafiyarta gaban kowa.

"Ba a ji 'Malama' sosai ba," in ji Suweiba.

Ta sake, da ƙarfi. Matan guruf ɗari da goma sha biyu ne. Suweiba ta jira har ta ga saƙon ya shiga, sannan ta tura hoton.