Tartsatsin da Babu Shi a Waya

A gidan burodin ba wanda ya tuna sunansa na yanka. Tartsatsi ake ce masa, yana kuma amsawa da alfahari. Shi ne mai gyaran wutar gidan, mutum ɗan siriri mai testar gwada wuta a bayan kunne, wanda ya yi imanin Allah ya ba shi idon da ke ganin matsalar waya kafin ta zama gobara.

Ga yadda abin yake zuwa. Yana tsaye yana aikinsa, sai ya ga wani ɗan ƙyalli kusa da soket. Ƙyallin ya fara girma, yana lanƙwashe-lanƙwashe kamar haƙoran zarto, yana ƙiftawa. Tartsatsi ba ya shawara da kowa, sai ya ruga ya kashe babban makunni. Injin kwaɓa fulawa ya tsaya, murhun lantarki ya mutu da burodi a cikinsa, ma'aikata su yi cirko-cirko. Shi kuwa ya kwance soket, ya bi waya, ya shinshina nan ya shinshina can. Kafin ya gama, ƙyallin ya tafi, sai rabin kansa ya ɗauki bugu, zuciyarsa na tashi, hasken taga ma ya zame masa abokin gaba. Sai ya lallaɓa siton fulawa mai duhu ya kwanta.

"Warin wayar da ta ƙone ne ke kama mini kai," haka yake faɗa. Ba wanda ya taɓa jin warin.

Hajiya mai gidan burodin ta yi haƙuri har haƙurin ya gaji da ita. Ranar da tire-tire na burodi suka fito a daskare kamar bulo, ta kira shi ofis.

"Malam Tartsatsi, na kawo wani ya duba wayoyin nan, lafiyarsu ƙalau. In ka sake kashe mini wuta babu dalili, ka ajiye makullan."

Abin ya yi masa zafi ƙwarai. A wannan aikin ya yi furfura, da shi yake riƙe da gida, kuma a shekarunsa ba wanda zai ɗauke shi wani sabo. Amma a ransa cewa ya yi mutane ba su san alheri ba.

Ba don kansa ya je asibiti ba, ƙaninsa ya raka. Ƙanin nasa direba ne, kuma a 'yan makonnin nan kullum bayan la'asar wani ciwo ke cafke shi a bayan idon dama. Idon ya yi ja yana zubar da hawaye, fatar idon ta sauko, hancin wannan gefen ya toshe. Sai ya yi ta safa da marwa a tsakar gida, yana dafe ido, wani lokaci har ya haɗa goshi da bango. Bayan kamar awa guda ya sake shi, gobe ya dawo.

Tartsatsi ya ɗauki abin raki. "Ni ma rabin kai nake yi, ka taɓa ganin ina rawa? Shiga ɗaki, ja labule, ka kwanta."

"Yaya, in na kwanta ji nake kamar zan mutu."

"Lalacewa ce kawai."

A gaban likita ma bai bar ƙanin ya yi magana ba. Ya ce ciwon gado ne, shi ma yana yi, ya ce matarsa ma tana yi, tana cewa kamar an ɗaure mata ɗankwali da ƙarfi. Likitar, mace mai sanyin murya, ta ɗaga masa hannu ta saurari direba har ya gama, ta duba shi.

"Baba, ciwo uku ka haɗa a buhu ɗaya," ta ce. "Na maiɗakinka, in haka yake, matsewa ce ta gefe biyu, ba bugu ba amai, tana iya ci gaba da aikinta. Na ƙaninka daban ne. Yana zuwa a jere, lokaci guda kullum na wasu makonni, sannan ya ɓace watanni. Yana cikin ciwukan da suka fi kowanne zafi, mai shi ba ya iya zama. Iskar oksijin muke ba su, akwai kuma maganin da ke rage zuwansa."

Direba ya juyo ya kalli yayansa. Amma Tartsatsi ba ya tare da su. Idonsa na kan soket ɗin da ke bayan kujerar likita.

"Likita, matsa. Soket ɗinki na tartsatsi."

Ya riga ya zaro testa yana neman makunnin ɗakin, direba ya riƙe masa riga. Likita ta waiwaya, ta dubi soket, ta dube shi.

"Zauna, Baba. Rufe idon hagu. Kana gani?"

"Ina gani."

"Na dama fa?"

"Yana nan."

"Rufe duka biyun."

Ya rufe. Haƙoran zarton na nan a cikin duhu, suna ƙiftawa abinsu, suna buɗewa zuwa gefe.

"To wace waya ce ake gani da ido a rufe?" ta tambaya a hankali.

Ta yi masa bayani da harshen sana'arsa. Ƙwaƙwalwa ma da lantarki take aiki. A can ƙeya, inda ake sarrafa gani, wani lokaci ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sukan kunnu gaba ɗaya, abin ya yi ta rarrafe a hankali daga wannan zuwa wancan, shi ne ƙyallin da ke girma. Inda ya wuce sai wurin ya yi shiru na ɗan lokaci, shi ya sa wani ɓangaren gani kan ɗauke. Yakan wuce kafin awa guda. Sannan jijiyar da ke ɗaukar jin fuska da kai ta harzuƙa, ta saki sinadarai a kan rigar ƙwaƙwalwa da hanyoyin jininta, sai bugu, tashin zuciya da ƙin haske, na sa'o'i ko har kwana. Ta ce rashin barci da tsallake karin kumallo kan tsokano shi. Ta rubuta masa maganin da zai sha da zarar bugun ya fara, ta ce in ƙyallin ya zo yana kan tsani, ya sauko. In kuwa wata rana ya zo da sabon salo, farat ɗaya ko da mutuwar hannu, ya taho nan take.

"Wato duk wayoyin Hajiya..." Bai ƙarasa ba.

"Yaya, kai ne ke da matsalar waya," in ji direba, da idonsa ja da komai.

A mota Tartsatsi ya kwanta a kujerar baya, ya rufe fuska da hula. Can ya ce, "Ashe da gaske kake jin zafin." Iyakar ban-haƙurin ke nan, direba ya karɓa.

Ba a daɗe ba abin ya same shi a wurin aiki, ranar da murhu ke cike da burodin odar wata makaranta. Ƙyallin ya fito daidai kan babban makunni, kyakkyawa, irin wanda da can zai rantse a kansa. Hannunsa ya isa makunnin kafin tunaninsa. Tsoro ya kama shi sosai: in na gaske ne fa, ga mutane cike da ɗaki? Ya rufe ido. Ƙyallin na nan. Ya buɗe, ya taɓa akwatin makunnin da bayan hannu, sanyi ƙalau, ba wari ba ƙara. Ya janye hannun ya cusa a aljihu, ya tsaya yana gumi har burodin ya fito jawur.

Hajiya ta same shi yana lallaɓawa sito da ƙwayar magani a tafin hannu.

"Malam Tartsatsi, tun ɗazu nake kallonka. Tsaye kake ido a rufe, ba ka taɓa komai ba."

"Hajiya," ya ce, yana kare fuska daga hasken taga, "tunda na fara aiki a gidan nan ban taɓa yin mai wuya kamar na yau ba."