Jar Saniyar Inna Lubabatu

Duk wanda ya taɓa shan fura a kasuwar Illela ya san Inna Lubabatu, ko bai san sunanta ba ya san faɗanta. Da cinikin nono ta tara 'yan shanunta da gona guda, ta kuma yi rainon jikarta Sakina tun ranar da uban yarinyar, ɗanta Mamadu, ya rasu. Wannan Sakina ita ce ranta. Ko bayan an kai ta aure Malbaza, kullum Inna na nuna jar saniyarta tana cewa ta Sakina ce, amma ita ke tatsa, ita ke sayar da nonon.

Da ciwon ƙafa ya fara zaunar da ita, sai ta aika aka kira Malam Abarshi, limamin unguwa, wai ya faɗa wa 'ya'yanta Habibu da Nafi'u kada su taɓa rabon Mamadu in ta mutu.

Malam ya ce, "Inna, Mamadu ya riga ki tahiya, ba shi da rabo. Ɗiyatai kau ba ta gadonki tunda baffanninta na raye."

"Kai Abarshi, mi kake hwaɗi? To saniyar hwa? Kowa ya san tata ce!"

"Ta taɓa kama igiyar? Kyautar da ba a karɓa ba har mai ita ya mutu, gado ta koma."

Inna ta yi masa tas, har da tuna masa cewa ta san shi tun yana yawo ba wando. Amma tsoro ya kama ta, don ta ga Sakina za ta tashi hannu wofi. Kafin mako ya zagayo ta sake kiransa, ta ce ya nuna mata hanya. Ya ce tana iya yi wa jikar wasiyya, tunda ba magajiya ba ce, muddin ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Aka rubuta gaban shaidu biyu, aka karanta wa 'ya'yan. Ta kuma sa aka ware shanun matar Habibu da ke cikin garken, kada gobe a raba abin da ba nata ba.

Saura jar saniya. Inna ta ce ba ta yarda wannan kyautar ta jira sai bayan ranta ba. Ta kira Sakina, ta kwance igiyar da kanta, ta damƙa mata a gaban jama'a.

"Ja ki tahi da ita yau, kahin in canza shawara."

Da safe ta ɗauko ƙwaryar tatsa kamar yadda ta saba, ta dogara sanda har bakin turke, sannan ta tuna. Nafi'u ya iske ta tsaye tana share hawaye, ya ce ko a je a dawo da saniyar.

"Ka taɓa ta ka gani," in ji Inna. "Kewa ce kawai, kuma na hi so in yi ta da raina."